Bayit huɗu, lamba biyu: yadda ake karanta lamba daga fayil ba tare da an juya ta ba

Mai koyon rubuta manhaja yakan buɗe hoton PNG mai faɗin fikzil 1920, ya karanta bayit huɗun da ke ɗauke da faɗin, sai allon ya nuna masa 2147942400. Fayil ɗin lafiyarsa lau, domin duk manhajar kallon hoto tana buɗe shi. Wurin da ya karanta ma daidai ne, kuma bai rasa ko bayit ɗaya ba. Abin da ya faru shi ne ya jera bayit ɗin a kan tsarin da kwamfutarsa ta saba, alhali wanda ya rubuta fayil ɗin ya jera su a kan wani tsari dabam. Wannan sharhi zai bi wannan misali guda har ƙarshensa, domin a ga daga ina 2147942400 ta fito da yadda ake dawo da 1920.

Abin da ake nufi da jerin bayit

Bayit ɗaya bit takwas ne, kuma iyakar abin da zai iya ɗauka shi ne daga 0 zuwa 255. Lambar da ta wuce haka dole a raba ta cikin bayit fiye da ɗaya. Idan aka haɗa huɗu, ana samun bit 32, waɗanda za su ɗauki daga 0 har zuwa 4294967295.

Bayit huɗun nan ba nauyinsu ɗaya ba. Kamar yadda a cikin 1920 lambar 1 take wakiltar dubu, 9 take wakiltar ɗaruruwa, haka kowane bayit yake da matsayinsa, sai dai a nan ana hawa ne da 256 maimakon 10. Mafi ƙanƙanta ana ninka shi da 1, na biye da 256, na uku da 65536, mafi girma kuma da 16777216. Idan aka raba 1920 da 256 za a sami 7, saura 128. Ke nan bayit biyun sama sifili ne, na biye da su 7, mafi ƙanƙanta 128. Masu aikin suna rubuta bayit da lissafin heksa, mai tushe 16, inda kowane bayit yake zama alama biyu. A nan 128 takan zama `80`, don haka 1920 ita ce `0x00000780`.

Tambayar da ta rage ita ce wanne za a fara ajiyewa a fayil. Akwai masu fara ajiye mafi girma, sai a ga `00 00 07 80`. A takardun bayani ana rubuta sunan wannan tsari `big-endian`. A nan za mu kira shi babba-gaba. Akwai kuma masu fara ajiye mafi ƙanƙanta, sai a ga `80 07 00 00`. Wannan shi ne `little-endian`, wato ƙarami-gaba. Wanda ya yi karatun Larabci ya riga ya san irin wannan bambanci a baki: Bahaushe yana cewa ashirin da biyar, ya gabatar da babba, Balarabe kuwa yakan fara da biyar ɗin sannan ya kawo ashirin. Adadin bai canja ba, jerin ne ya bambanta.

A lura da abu ɗaya da ke rikitar da masu farawa. Bayit-bayit ake juyawa, ba bit-bit ba, ba kuma alamomin heksa ɗaya-ɗaya ba. `80` tana nan a `80` a kowane tsari, ba ta komawa `08`.

Daga ina rabuwar ta samo asali

Masu ƙera firosesa ne suka fara rabuwa. Iyalin x86 na Intel, wanda ke cikin yawancin kwamfutocin tebur da na cinya, ƙarami-gaba ne. Motorola 68000, wanda ya ɗauki kwamfutocin Macintosh na farko, babba-gaba ne, haka ma SPARC da manyan injinan IBM da bankuna ke amfani da su har yau. ARM, wanda ke cikin wayoyi, yana iya aiki da kowanne, amma Android da iOS duk a ƙarami-gaba suke tafiyar da shi.

Sunayen biyu sun shigo fagen ne a 1980, ta hannun Danny Cohen, wanda ya aro su daga wani tsohon labarin Jonathan Swift na 1726 a kan mutanen da suka yi yaƙi saboda saɓani kan ta wane gefe ake fasa dafaffen ƙwai. Kowane ɓangare yana da hujja. Masu babba-gaba suna cewa idan ka buɗe fayil kana kallo, lambar tana karantuwa kamar yadda ake rubuta ta. Masu ƙarami-gaba suna cewa bayit mafi ƙanƙanta yana zama a adireshin farko ko lambar mai bayit biyu ce ko huɗu ko takwas, kuma tarawa ma daga ƙarami ake fara ta. Ƙa'idojin intanet sun ɗauki babba-gaba, shi ya sa ake kiransa tsarin sadarwa.

Sakamakon wannan tarihi shi ne kowane nau'in fayil ya gaji tsarin waɗanda suka ƙirƙire shi. PNG, wanda ƙa'idarsa ta fito a 1996, ya bi tsarin sadarwa. WAV, wanda Microsoft da IBM suka fitar a 1991 don kwamfutocin Intel, ƙarami-gaba ne, haka ma BMP da ZIP. Daga nan ake gane inda amsar take: jerin bayit na fayil yana cikin ƙa'idar nau'in fayil ɗin, ba ruwansa da kwamfutar da ke karantawa. PNG babba-gaba ne ko a waya aka buɗe shi ko a injin banki.

Misalin PNG, bayit bayan bayit

Kafin a rubuta layi ɗaya na manhaja, gara a fara kallon fayil ɗin da ido. A Linux ko macOS umarnin `xxd` yana nuna bayit ɗin kamar yadda suke kwance:

```
$ xxd -g 1 -l 24 hoto.png
00000000: 89 50 4e 47 0d 0a 1a 0a 00 00 00 0d 49 48 44 52  .PNG........IHDR
00000010: 00 00 07 80 00 00 04 38                          .......8
```

Ana ƙirga gurbi daga sifili. Bayit takwas na farko hatimin PNG ne, kuma iri ɗaya ne a kowane fayil. Daga gurbi na 8 zuwa na 11 akwai `00 00 00 0d`, tsawon sashen farko ke nan, wato 13. Sai haruffa huɗu na sunan sashen, `IHDR`. Faɗin hoton yana farawa a gurbi na 16, tsayinsa a na 20.

A ɗauki `00 00 07 80` a tsarin babba-gaba: sifili biyu ba su ƙara komai ba, 7 sau 256 ya ba da 1792, a tara da 128, an sami 1920. Tsayin kuma `00 00 04 38` ne: 4 sau 256 ya ba da 1024, `38` a heksa 56 ce, jimla 1080.

Yanzu a duba abin da mai koyon nan ya yi. Ya rubuta wani abu kamar haka a harshen C:

```c
uint32_t fadi;
fseek(f, 16, SEEK_SET);
fread(&fadi, 4, 1, f);
```

`fread` ba ta san lamba ba. Kwashe bayit kawai take yi ta zuba su a ma'adanar kwamfuta yadda ta same su. Da firosesan Intel ya zo karanta `fadi`, sai ya ɗauki bayit na farko a matsayin mafi ƙanƙanta, na ƙarshe a matsayin mafi girma. Ta haka 128 ta hau kujerar da ake ninkawa da 16777216, ta zama 2147483648. 7 ta hau ta 65536, ta zama 458752. Jimlarsu 2147942400, lambar da ta bayyana a allo. Da ya ajiye ta a `int32_t`, nau'in da ke iya sauka ƙasa da sifili, da -2147024896 zai gani, domin bit na can sama a kunne yake. Tsayin 1080 shi ma ya koma 939786240.

Abin da ya sa wannan kuskure yake daɗewa a ɓoye shi ne layukan nan uku suna aiki daidai a kan WAV. A fayil ɗin WAV na yau da kullum, inda sashen `fmt ` ya zo farko, gurbi na 24 yana ɗauke da yawan samfurin sauti a daƙiƙa ɗaya. Ga sauti mai 44100 za a ga `44 ac 00 00`, kuma firosesan Intel zai karanta shi 44100 ba tare da an taɓa komai ba. Mai koyo sai ya ɗauka hanyarsa ingantacciya ce, alhali dace aka yi: tsarin fayil ya zo ɗaya da na injin. Da a injin babba-gaba aka gudanar da manhajar, 1152122880 za ta fito.

Hanyoyin gyara da hujjar kowacce

Hanya ta farko ita ce a karanta kai tsaye kamar yadda aka yi a sama, sannan a juya lambar idan akwai buƙata. Masu wannan ra'ayi sukan kira `ntohl`, wadda ke mayar da lamba daga tsarin sadarwa zuwa na injin: a Intel tana juyawa, a injin babba-gaba tana barin ta yadda take. Ga PNG wannan ya wadatar, kuma gajere ne. Raunin hanyar shi ne `ntohl` babba-gaba kaɗai ta sani. Don fayil mai ƙarami-gaba sai an nemi `le32toh`, wadda akwai ta a Linux amma ba a kowane tsarin aiki ba. Wasu sukan cike giɓin da gwajin kansu, su tambayi injin tsarinsa sannan su raba hanya biyu. Matsalar a nan ita ce reshe ɗaya daga cikin biyun ba a taɓa gudanar da shi a kwamfutar mai rubutun, don haka kuskuren da ke cikinsa yakan kwanta shekaru ba a gani ba.

Hanya ta biyu ita ce a karanta bayit huɗun a matsayin bayit, sannan a gina lambar da lissafi:

```c
unsigned char b[4];
if (fread(b, 1, 4, f) != 4)
    return -1;
uint32_t fadi = (uint32_t)b[0] << 24 | (uint32_t)b[1] << 16
              | (uint32_t)b[2] << 8  | (uint32_t)b[3];
```

Alamar `<< 24` tana tura bit gaba sau 24, daidai da ninkawa da 16777216; `<< 16` daidai da 65536; `<< 8` daidai da 256. Wato lissafin da muka yi da hannu ne aka rubuta. Don ƙarami-gaba sai a sauya matsayi: `b[3]` ya sami 24, `b[2]` ya sami 16, `b[1]` ya sami 8, `b[0]` ya zauna yadda yake. Babu inda aka tambayi injin tsarinsa, domin lissafi a kan ƙimar lamba yake aiki, ba a kan yadda take kwance a ma'adana ba. Layi ɗaya ne yake gudana a kowace kwamfuta, kuma gwajin da aka yi a ɗaya ya isar wa sauran.

Ƙorafin da ake yi wa wannan hanya shi ne jinkiri, tunda ana ganin turi uku da haɗi uku a maimakon karatu ɗaya. Ƙorafin yana da tushe a da. A yau GCC da Clang, masu fassara C zuwa harshen inji, idan aka kunna musu ingantawa da `-O2`, suna gane wannan salo su mayar da shi ɗauko ɗaya, tare da umarnin juyawa ɗaya idan ana buƙatarsa. Saboda haka ga mai karanta kan fayil, hanya ta biyu ta fi aminci kuma ba ta jawo asarar gudu. Inda hanya ta farko take da sauran gurbi shi ne sa'ad da ake kwasar lambobi miliyoyi a jere, kamar samfuran sauti, a zuba su gaba ɗaya sannan a juya su a dunƙule.

A Python an sauƙaƙa abin, amma zaɓin yana nan:

```python
import struct
with open("hoto.png", "rb") as f:
    f.seek(16)
    fadi, tsayi = struct.unpack(">II", f.read(8))
```

Alamar `>` ita ce babba-gaba, `<` ƙarami-gaba, `I` lamba mai bayit huɗu da ba ta sauka ƙasa da sifili, `i` kuma wadda ke iya sauka. Idan aka manta da `>` ko `<`, `struct` yana komawa tsarin injin, sai a sake faɗawa ramin farko. Akwai kuma `int.from_bytes(b, "big")`, wadda ke da sauƙin karantawa amma tana da tarko: idan fayil ya yanke aka sami bayit uku ko biyu, za ta ba da lamba ba tare da ƙorafi ba, yayin da `struct.unpack` za ta tsayar da aikin. Mai amfani da ita dole ya duba `len(b) == 4` da kansa. A Java kuwa abin a juye yake: `readInt` na `DataInputStream` babba-gaba yake karantawa a kowane inji, don haka PNG yana fita daidai, WAV ne yake rikicewa.

Kurakuran da ke kama da na jeri amma ba shi ba ne

A manhajar C ta sama an rubuta `unsigned char`, kuma da gangan ne. A x86, `char` zalla yana ɗaukar daga -128 zuwa 127, don haka bayit `80` yakan zama -128. Idan aka faɗaɗa -128 zuwa bit 32, sai duk bit ɗin sama su cika da ɗaya, ta zama `0xFFFFFF80`, ta shafe 7 ɗin da ke gefenta. Faɗin hoton sai ya fito 4294967168, ko -128. Tsayin kuwa zai fito 1080 lafiya, domin babu bayit a cikinsa da ya kai `80`. Wannan ita ce shaidar cutar: wasu lambobi daidai, wasu a lalace, kuma masu lalacewar suna cike da `ff` idan aka nuna su a heksa. Ƙarin ruɗani shi ne a Linux na ARM `char` zalla ba ya sauka ƙasa da sifili, sai manhaja ɗaya ta yi daidai a can ta lalace a nan.

Shi ma `(uint32_t)` da ke gaban `b[0]` ba ado ba ne. In babu shi, C yana ɗaga bayit ɗin zuwa `int` kafin turi, kuma tura 128 ko fiye sau 24 yana shiga bit na can sama, mai nuna ko lamba ta sauka ƙasa da sifili, abin da ƙa'idar C ta ce ba ta lamunci sakamakonsa ba.

Sai batun buɗe fayil. A Windows, idan aka ba `fopen` harafin `"r"` a maimakon `"rb"`, ana ɗaukar fayil ɗin a matsayin rubutu: `0d 0a` yakan koma `0a` kaɗai, kuma `1a` yakan zama alamar ƙarshen fayil. Waɗanda suka tsara PNG sun san da wannan, shi ya sa suka dasa `0d 0a 1a 0a` a cikin hatimin. Manhajar da ta duba bayit takwas na farko za ta gano ɓarnar tun daga ƙofa.

Kuskuren gurbi ma yana da tasa shaidar. Wanda ya ƙirga daga ɗaya ya fara a 17 zai sami `00 07 80 00`, wato 491520, wanda shi ne 1920 sau 256 cif. Lambar da ta ninka abin da ake tsammani sau 256 tana nuna an zame da bayit ɗaya, jerin kuwa daidai yake.

Yadda ake tabbatarwa

Idan lamba ta fito ba ta da kan gado, matakin farko shi ne a buga ta a heksa. 2147942400 ba ta faɗa wa ido komai, amma `0x80070000` tana faɗa: ƙaramar lamba da aka juya takan tara sifilinta a dama maimakon hagu.

Mataki na biyu shi ne a gwada da abin da aka riga aka san amsarsa. A PNG tsawon sashen `IHDR` kullum 13 ne; idan 218103808 ta fito, jerin ne ya juye. Don gwada aikin karantawa shi kaɗai, a ba shi `01 02 03 04`: babba-gaba zai ba da 16909060, ƙarami-gaba 67305985. Gwaji da sifili ko da `ff ff ff ff` ba shi da amfani, tunda gaba da bayansu ɗaya ne. Haka nan rubuta lamba da manhajarka sannan ka karanta ta da ita bai tabbatar da komai ba, domin kuskure biyu masu kama suna soke juna. Sai an gwada da fayil ɗin da wata manhaja ta rubuta.

Wasu nau'o'in fayil suna faɗin tsarinsu da kansu. TIFF yana farawa da `II` idan ƙarami-gaba ne, da `MM` idan babba-gaba ne, sannan lamba 42 ta biyo a cikin tsarin da aka ambata, don mai karatu ya tabbatar. Bayanan Exif da ke cikin hotunan waya wannan tsarin suke bi, don haka hotuna biyu daga wayoyi daban suna iya zuwa da jeri daban. Akwai ma wanda ya cakuɗa biyun a fayil guda: kan fayil ɗin taswira na `.shp` yana ajiye lambar shaidarsa 9994 da tsawonsa a babba-gaba, amma lambar sigarsa 1000 a ƙarami-gaba. A irin wannan, kowane gurbi sai an duba abin da ƙa'ida ta ce game da shi.

Abin da ke isa ga mai amfani da manhaja

Wanda ke loda hoton fasfo a wani shafin rajista ba ya ganin bayit. Abin da yake gani shi ne saƙon cewa hotonsa ya yi girma ko ya lalace, ko manhajar ta tsaya cak ta rufe. Dalilin tsayawar shi ne lambar da aka karanta ba nunawa kawai ake yi da ita ba, ana aiki da ita: da faɗi da tsayi ake lissafin yawan ma'adanar da za a ware, da tsawon sashe ake sanin inda za a tsallaka. Tsawon 13 da ya koma 218103808 zai sa manhaja ta nemi fiye da megabayit 200 don abin da bai kai layi ɗaya ba, ko ta tsallake ƙarshen fayil ɗin baki ɗaya.

Ko an karanta jerin daidai, lambar daga fayil ta fito, kuma fayil yana iya zuwa daga hannun mai mugun nufi da ya rubuta tsawon ƙarya da gangan. Ƙa'idar PNG ta hana faɗi ko tsayi ya zama sifili ko ya wuce 2147483647, kuma wannan iyaka za ta kama 2147942400. Amma ba za ta kama 939786240 ba, domin tana ƙasa da ita. Saboda haka manhaja tana buƙatar tata iyakar da ta dace da aikinta, ta kuma gwada kowane tsawon sashe da yawan bayit ɗin da suka rage a fayil kafin ta ware ma'adana ko ta yi tsalle.